Gida a kulle wata uku, takardar wuta ba ta daina zuwa ba

Assalamu alaikum Malam. Ni dattijuwa ce a Garin Malam, nan Damagaram. Na je Agadas wankan jegon ƴata, na yi wata uku, gida a kulle, ƙwan fitila ɗaya na zaure kawai na bari a kunne. Yau kwanana 12 da dawowa. Na tarar da takardun wuta uku, kowace an rubuta kilowat 210, kuɗin kowace wajen jika 19. Ƙanena ya biya biyu ba ni nan, ta ukun saura kwana 6 wa'adinta ya cika. Jikana ya duba mita ya ga 08412, takardar ƙarshe kuwa 8940 aka rubuta. Na je ofis na ce kuɗin ya yi yawa, aka ce in biya tukuna. Yaya zan yi su zo su duba da idonsu?

Hajiya, Garin Malam

Wa alaikumus salam Hajiya. Barka da dawowa, Allah ya raya abin da aka samu, ya ba mai jego lafiya. Shi kuma jikan nan naki ki sa masa albarka, don lambar da ya karanto ita ce dukan hujjarki, kuma hujja ce mai ƙarfi.

Idan kin koma ofis, ki bar maganar kuɗi gaba ɗaya. Wanda ke zaune a bayan taga daga safe zuwa azahar yana jin “kuɗina sun yi yawa” daga bakin kusan duk wanda ya tsaya a gabansa, mai gaskiya da marar gaskiya, kuma ba shi da wata hanyar rarrabe su. Shi ya sa amsarsa ɗaya ce ga kowa. Amma idan kika ce masa lambar da ke jikin takarda ta wuce lambar da ke jikin mita, kin ba shi abin da zai iya dubawa, abin da kuma ba ya karɓar musu. Mita ba ta komawa baya. Tun ranar da aka kafa ta take tara lissafi, ƙari kan ƙari, kamar awon tafiyar mota. In dai mitar nan ce ba a sauya ta ba, babu yadda za a yi ta kai 8940 a watan jiya sannan yau a same ta a 8412.

Abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne. Mai karatun mita ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa, bai ga fuskar mita ba, sai aka yi ƙiyasi da irin abin da kika saba sha a baya. Wannan kansa ba laifi ba ne, haka kamfanonin wuta da na ruwa suke yi a ko'ina idan sun kasa shiga gida. Alamar ƙiyasi kuwa ga ta nan a takardunki: lamba ɗaya sak sau uku a jere. Gidan da mutane ke ciki ba ya shan wuta daidai wa daida wata uku. Watan sanyi daban, watan da fanka ke kwana tana juyawa daban. Ƙiyasi kintace ne da ake yi kafin a ga gaskiya, in gaskiya ta bayyana dole a gyara. Gyaran nan shi ne haƙƙinki.

Yanzu ki sa a shimfiɗa takardun uku a tabarma, a jere bisa kwanan wata. A kowace akwai lambobi biyu da aka yi wa suna da Faransanci, galibi `Ancien index` da `Nouvel index`, wato tsohuwar lamba da sabuwa. Ana cire tsohuwa daga sabuwa, abin da ya rage shi ne wutar da aka ce kin sha. Daga abin da kika rubuto, ina iya lissafawa baya tun kafin in ga takardun. Ta ƙarshe ta tsaya a 8940, ke nan ta biyu ta tsaya a 8730, ta farko a 8520, kuma ta farkon ta tashi ne daga 8310. Ki sa jikanki ya duba tsohuwar lambar da ke takardar farko. In ya ga 8310, to a nan ne aka yi karatun ido na ƙarshe kafin ki kulle gida, kuma daga nan za a kafa lissafi.

Daga 8310 zuwa 8412 kilowat 102 ne. Ita ce duk wutar da ta ratsa mitarki tun daga wancan karatu har ranar da yaro ya duba. Takardun uku kuwa sun haɗa 630. Tsakaninsu 528, wutar da aka rubuta miki ba ta taɓa shiga gidanki ba.

Na tsaya na gwada 102 ɗin nan in ga ko ta yi kama da gaskiya, don ba na son in tura ki ofis da lambar da za ta ba ki kunya. Mai shan 210 a wata yana shan 7 a rana. Kwana 12 da kika yi a gida sun ba da 84. Saura 18. Ƙwan zaure, in irin ƙananan fararen nan ne na wat 9, ya kwana ya wuni a kunne kwana 90, zai ci kilowat 19 da ɗan ɗori, a cire sa'o'in da ake ɗauke wuta a garin nan, ga 18 ɗinki nan. Lissafin ya zauna daram. Wannan ya kwantar mini da hankali cewa yaron ya karanta daidai, kuma mitarki lafiyarta ƙalau. Don haka kada ki yarda a karkatar da maganar zuwa gwajin mita ko sauya ta. Ba ki ce ta lalace ba. Cewa kika yi a zo a karanta ta.

Akwai wani abu da nake jin ba ki lura da shi ba, don hankalinki yana kan takarda ta uku. Takardu biyun da ƙanenki ya biya kuɗin kilowat 420 ne, alhali 102 aka sha. Ke nan ba ta ukun kaɗai ce ba ta da tushe ba, har rarar kilowat 318 kike da ita a hannunsu, kusan wutar kwana 45 a irin shanki. Ke ce mai bin bashi a wannan magana, Hajiya. Sai dai kada ki sa rai duk kuɗin za su dawo, don a kowace takarda akwai ƴan kuɗaɗen da ake biya wata-wata ko an kunna wuta ko ba a kunna ba, muddin mita tana gidan da sunanki. Waɗannan suna nan. Kuɗin wutar da ba a sha ba da harajin da aka ɗora a kansu su ne za su sauka.

Kafin ki fita daga gida, a ɗauki hoton mita da waya, yau ɗin nan, kada a bari sai gobe. A fara goge gilashinta da tsumma, don ƙurar hunturu tana mayar da 3 ta zama 8 a idon mai sauri. Hoton ya kama abu biyu a tare: lambar karatu, da lambar mitar kanta wadda aka buga a jikinta. Wannan ta biyun sai a gwada ta da wadda ke rubuce a takarda. Ya kan faru a gidajen da mitoci biyu ko uku ke jere a bango ɗaya a riƙa rubuta wa wani karatun maƙwabcinsa, kuma in lambobin ba su dace ba, to maganar ta zama wata daban, ita za a fara faɗa. In mitar mai juya lambobi ce, akwai lamba ta ƙarshe a dama, sau da yawa cikin jan gida ko bayan waƙafi. Ɓangaren kilowat ce, ba a haɗa ta. In mai allon lantarki ce da lambobi ke sauyawa da kansu, a jira wadda aka rubuta `kWh` a gefenta. Bayan kwana biyu a sake ɗaukar wani hoton. Na biyun zai nuna ta ƙaru da kamar 14, kuma wannan ya toshe bakin mai cewa ai mitar ta tsaya ne.

Kowa ya kiyaye hannunsa daga darmar da aka ɗaure murfin mita da ita. Kada jika, kada mai gyaran wuta na unguwa, kada kowa ya buɗe don a gani da kyau. Da zarar darmar nan ta tsinke, wanda ya je neman haƙƙinsa sai ya koma mai kare kansa daga zargin satar wuta, kuma lambar 8412 da kike taƙama da ita ta zama abin tuhuma.

Sai rubutu. Na san an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, amma aikin ofis har yanzu da Faransanci ake yinsa, don haka ki sami ɗan makaranta a gida ko mai rubuta wasiƙa ya rubuta miki takardar koke zuwa ga shugaban ofishin kamfanin wuta na NIGELEC da kike biya a wurinsu. Gajera, rabin shafi ya isa. Sunan da ke kan takardar wuta, lambar mai biya, lambar mita, unguwa. Sai ranar da kika kulle gida da ranar da kika dawo. Sai lambar da ke takardar ƙarshe, da lambar da ke jikin mita da ranar da aka karanta ta. Daga nan abu uku kike nema: a turo ma'aikaci ya karanta mita a gabanki, a soke takardun ƙiyasin nan uku a sake fitar da lissafi bisa karatun ido, kuma kada a yanke wuta kafin a gama duba koken. Ban da zagi, ban da labarin wahala, ban da zargin kowa. A yi kwafi biyu, a haɗa da kwafin takardun uku da rasiɗin biyun da aka biya. Na ainihi su zauna a jakarki. Ki nuna, kada ki bari a can.

Idan kin miƙa, ki tsaya sai an buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinki an mayar miki. Kada ki ji nauyin tsayawa a kan wannan. Koken baki yana tafiya da wanda aka faɗa wa. In ya tashi hutu ko aka sauya masa tebur, kamar ba ki taɓa zuwa ba. Takarda mai hatimi kuwa ita za ki nuna wa masu yanke wuta in sun tsaya a ƙofarki, ita kuma za ki ɗauka zuwa gaba in abin ya ƙi. Ki tambayi ranar da za a zo karatun, ki sa a rubuta a bayan kwafin. Ki tafi da safe, ki tafi da jikan da wayarsa. In sunan marigayi ko na mai gidan haya ne a kan takardar, ki riƙe katin shaidarki da abin da ke nuna ke ce a gidan, don kada a maido ki a kan wannan kaɗai.

Wataƙila a ce miki ki bar shi kawai, wata mai zuwa zai daidaita da kansa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, don in aka riƙa karatun ido, mitarki za ta kamo 8940 wata rana. Amma ki lissafa: 528 a raba da 7, kwana 75 ke nan, wata biyu da rabi. Duk tsawon wannan lokaci kuɗinki suna ajiye a wurin wasu, ga ta ukun ana nema ki ƙara. Kuma daidaituwar ba ta da tabbas. Mai karatu zai zo wata mai zuwa ya rubuto lambar da ba ta kai wadda ke cikin na'urarsu ba, sai a iya ɗauka shi ne ya yi kuskure, a ajiye karatunsa a sake ƙiyasi a kan 8940. Ki wayi gari da 9150 a takarda ta huɗu, tazarar ba ta rufe ba. Shi ya sa na nace a kan a gyara lambar a cikin rajistarsu, a ba ki sabuwar takarda da ke nuna haka. Ki kuma lura da cewa sokewa na ce a nema, ba rage wani abu da ka ba. Farashin wuta hawa-hawa ne, kilowat na farko-farko a wata sun fi araha, na sama sun fi tsada. In aka soke takardun aka sake lissafi, kowane kilowat zai sauka a kan farashin da aka ɗora shi. In wani ya yi miki ragi a tsaye da biro, ba ki da hanyar sanin ko ya cika.

Tambayar da ta fi damunki, na sani, ita ce ta kwana shidan nan: a biya ko kada a biya? Ga ra'ayina. Abin da ba zan so ki yi ba shi ne ki zauna a gida ki ƙi biya shiru don kina da gaskiya. Jerin sunayen waɗanda za a yanke wa wuta daga bashi ake fitar da shi, ba ya sanin wa ke da gaskiya. In aka yanke, sai kin biya kuɗin mayarwa, ga zafin Damagaram yana ƙaratowa. Ki kai koken gobe, tun wa'adi da saura. In sun amince a dakatar da ta ukun, su rubuta a kwafinki, shi ke nan. In wa'adi ya zo ba a karanta ba kuma ba a rubuta dakatarwa ba, in da hali ki biya ki riƙe rasiɗi. Biyan ba ya kashe koken, tunda hatiminki ya riga shi kwanan wata, kuɗin kuma za su shiga cikin rarar da kike bi. In babu hali, ki nemi ganin shugaban sashen masu biya da kanki, ki ajiye masa lissafin 420 da 102 a gabansa. Da wuya mai hankali ya ga mutum ya biya ninki huɗu na abin da ya sha ya ce a yanke masa wuta. Wanda kuma ya ce ki ba shi wani abu a ƙofar gida ya gyara miki, ki ba shi haƙuri. Kuɗin da ba rasiɗi ba ya taɓa lambar da ke rajista.

Ranar da ma'aikacin ya zo, ki karɓe shi da mutunci, ki ba shi ruwa, ai ba shi ya kulle gidan ba. Ya karanta, jikanki ya karanta, su yarda a kan lamba ɗaya, a rubuta ta da kwanan wata a bayan kwafinki, in zai sa hannu ya sa. Kada ki tsorata in kin ga ta wuce 8412. In bayan mako ɗaya ne za ta kai wajen 8460, kuma wannan ƙarin naki ne, wutar da kika sha ce. Sabuwar takarda in ta fito, a duba abu biyu: sabuwar lambar ta zama wadda aka karanta a gabanki, kuɗin da ƙanenki ya biya kuma su bayyana a matsayin rara da za a riƙa cirewa. Yawanci ta haka ake mayarwa, ba tsabar kuɗi a hannu ba.

In an yi wata guda babu motsi, ki koma da kwafinki mai hatimi ki nemi na gaba da shugaban ofishinku a ofishin jiha. In can ma shiru, akwai hukumar da ke sa ido a kan harkar makamashi, ARSE, wadda aka kafa da doka a 2015, kuma sauraron saɓani tsakanin masu shan wuta da kamfani yana cikin aikinta. Ina kyautata zaton ba za ki kai can ba. Irin wannan magana mai lamba a fili ta kan mutu ne a matakin farko.

Dole in faɗa wa sauran masu karatu gaskiya, don kada kowa ya ruga ofis da hoto yana zaton kuɗi za su dawo. Ƙiyasi yana faɗuwa ta ɗaya ɓangaren ma. Mutum ya sayi firji ko ya kafa injin sanyaya ɗaki, ana ta yi masa ƙiyasi da tsohon shansa, yana murna. Ranar da aka karanta da ido sai duk abin da ya taru ya faɗo a takarda ɗaya. Wannan wutar ya sha ta, biyanta wajibi ne a kansa. Abin da yake da damar nema shi ne a raba ta a kan watannin da aka sha ta, don in aka tara ta a wata ɗaya yawancinta zai hau matakin farashi mai tsada, sannan ya roƙi a ba shi damar biya kashi-kashi. Masu takardar ruwa ma hanyar ɗaya ce, sai dai can da mita kubik ake awo.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, a unguwar Birni yake, kuma bangon zaurensa kusa da mita cike yake da lambobi da alli, layi bisa layi, kowane da kwanan wata. Duk ranar ɗaya ga wata bayan sallar asuba sai ya sa tabarau, ya ɗaga fitila, ya karanta da ƙarfi, ni ina rubutawa a tsaye kan turmi don ban kai ba. Muna yara muna ganin wahalar banza ce. Da aka taɓa kawo masa takardar da ba ta yi daidai ba, bai je ko'ina da faɗa ba. Ya kira mai karatun ya nuna masa bango, mutumin ya duba, ya gyara a littafinsa. Ke ma ki ba jikanki wannan aikin: ƙaramin littafi a rataye kusa da mita, sau ɗaya a wata, lamba da kwanan wata, da hoto a waya.

Kuma in wata tafiyar ta taso, ranar da za ki kulle gida a ɗauki hoton mita, a kai wa ofis takarda cewa gidan zai kasance a rufe daga rana kaza zuwa rana kaza, a karɓi hatimi. Ki bar mabuɗin zaure wurin maƙwabcin da kika amince da shi don ya buɗe wa mai karatu, ƙanenki kuma ki gaya masa kada ya biya takarda sai ya gwada lambarta da ta mita. Ki rubuto mini lambar da aka samu ranar karatun da abin da sabuwar takardar ta ce, in duba miki ko rarar ta cika.